Cin Bashi Don Faɗaɗa Kasuwanci: Ribar Jari Za A Duba Ko Nauyin Bashi?

Sunan Aliero ya kai kudancin Nijeriya da ƙasashen makwabta saboda albasa. Daga gonakin Aliero da Maiyama ake ɗora buhuna a manyan motoci, su bi ta Jega zuwa manyan kasuwanni. Sirrin wannan sana'a kuwa ajiya ce: a saya lokacin girbin rani da albasa ta yi arha, a zuba a rudu, a jira har ta yi tsada bayan damina. Duk wanda ya ɗanɗana ribar ajiya yakan so ya ƙara rudu ya ƙara saye, kuma hanya mafi sauri ita ce cin bashi. Masana lissafin kuɗi suna da ma'auni biyu da suke auna irin wannan shawara da su, kuma sau da yawa ma'aunan kan ba da amsa daban-daban.

Na farko shi ne ma'aunin ribar jari. Ana ɗaukar ribar da kasuwanci ya samu a shekara, tun kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, a raba ta da dukan jarin da ke aiki, wato kuɗin mai kasuwancin a haɗe da bashin da ya ci na dogon lokaci. Na biyu shi ne ma'aunin nauyin bashi, wanda Turawa ke kira giyarin, daga giyar mota, domin bashi yakan ƙara wa riba gudu, ya kuma ƙara wa hasara gudu. Shi kuwa bashin ake rabawa da wancan jarin, don a ga kashi nawa na dukiyar ba na mai ita ba ne.

Bari mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Aliero, da alƙaluman da muka zaɓa don sauƙin lissafi. Yana da jarin kansa na Naira miliyan 20, ana kuma binsa miliyan 5, jimla miliyan 25. A bara ya sami ribar miliyan 7 da rabi. Ribar jarinsa ke nan kashi 30 cikin ɗari, nauyin bashinsa kuma kashi 20. Sai banki ya yi masa tayin ƙarin miliyan 15, a kan ruwa kashi 25 cikin ɗari, daidai da na tsohon bashin. Wannan ruwa ba ƙari muka yi ba, domin a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai.

Idan ribar jari kaɗai ya duba, sai ya ce a kawo kuɗin, tun da kowace Naira ɗari tana haifar masa 30, banki kuma 25 yake nema. To, mu bi lissafin. Kafin sabon bashi, ruwan da yake biya miliyan 1 da dubu 250 ne, saura miliyan 6 da dubu 250 su shiga aljihunsa. Bayan bashi, jari ya zama miliyan 40, riba a kan kashi 30 ta zama miliyan 12, ruwa ya zama miliyan 5, saura miliyan 7. Ashe duk wahalar ninka bashinsa sau huɗu, abin da ta ƙara masa Naira dubu 750 ne kacal.

Yanzu sai mu ɗauki shekarar da ba ta yi kyau ba. Mai ajiyar albasa ya san ta: damina ta yi nauyi, danshi ya shiga rudu, wata ta ruɓe, wata ta tsira, wadda ta rage kuma nauyinta ya ragu, ko kuma farashin da ake jira ya ƙi tashi. A ce ribar jari ta faɗo zuwa kashi 10. Da bai ƙara bashi ba, zai sami miliyan 2 da rabi, ya biya ruwa, ya tsira da miliyan 1 da dubu 250. Da ƙarin bashi kuwa ribarsa miliyan 4 ce, ruwa miliyan 5, sai ya ciro miliyan 1 daga uwar kuɗinsa ya cika. Banki ba ya rage ruwa don albasa ta ruɓe. Wannan haɗari shi ne abin da ma'aunin nauyin bashi ke nunawa tun da wuri, domin ya tashi daga kashi 20 zuwa kashi 50. A da, ribar kashi 5 ta ishe shi biyan ruwa. Yanzu sai ya sami kashi 12 da rabi kafin kwabo ya zama nasa, ba a ma yi maganar uwar bashin ba.

Akwai kuma wani tarko a cikin kashi 30 ɗin kansa, wanda ɗalibai kan faɗa ciki a jarrabawa, 'yan kasuwa kuma a kasuwa. Ribar tsohon jari ce, alhali abin da ake buƙatar sani shi ne ribar da sabon kuɗin zai kawo. Sito da fili da ya mallaka shekaru goma da suka wuce suna rubuce a littafinsa da tsohon farashi, kuma Naira ta rage daraja ƙwarai tun daga 2023. Idan jari ya ƙanƙance a takarda, riba sai ta bayyana da girman da ba nata ba. Sabon sito kuwa da farashin siminti da kwano na yau za a gina shi. Haka nan tsohon kasuwancin shi da 'ya'yansa ke juya albasa suna tsince ruɓaɓɓu ba tare da albashi ba, sabon kuwa sai an ɗauki leburori, an je har Maiyama an sayo, an biya kuɗin mota. Idan aka cire waɗannan, ribar sabon kuɗin ta sauko ƙasa da kashi 25, to bashin hasara ne ko da a shekarar albarka.

Amma kada a ɗauka ƙarancin bashi shi ne lafiyar kasuwanci. Mai injin casar shinkafa a Jega da ba a binsa ko sisi, idan ribar jarinsa kashi 12 ce, bai kamata ya ci bashi mai ruwa 25 ba, duk da cewa banki zai yi maraba da shi saboda yana da abin jingina. Farashin bashin ma yana sauya hukunci. Shirin lamunin manoma na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ruwansa bai wuce kashi 9 ba, tazarar da ke tsakaninsa da riba tana da faɗi. Duk da haka ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, bashin kuma ya zauna a wuyan waɗanda suka ci. Wanda ke gudun riba ta haramci ya je bankin Musulunci irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, shi ma lissafin bai bar shi ba: a cinikin murabaha, ribar da banki ya ɗora ƙayyadaddiya ce, biyanta dole ne. Sai a haɗin gwiwa na musharaka ne ake raba hasara da mai kuɗi.

A ganina ma'aunan ba kishiyoyin juna ba ne, kowanne da tambayarsa. Ribar jari, ta sabon kuɗi, ita ke faɗin ko bashin ya cancanci a ci. Nauyin bashi shi ke faɗin iyakar da za a tsaya. A sana'ar da ribarta ke hawa da sauka kamar ajiyar albasa, na fi ba nauyin bashi magana ta ƙarshe, musamman idan tazarar riba da ruwa ba ta wuce kashi 5 ba. Da ɗan kasuwarmu zai karɓi miliyan 5 maimakon 15, jarinsa zai zama miliyan 30, bashi miliyan 10, wato kashi ɗaya bisa uku, ruwa kuma miliyan 2 da rabi. A waccan mummunar shekara zai sami miliyan 3, ya biya banki, ya rage dubu 500. Sai kuma ya nemi a sa wa'adin biyan ya faɗo bayan ya sayar da albasarsa, domin bashin da ake biya wata-wata zai tilasta masa buɗe rudu tun farashi bai tashi ba.