Gaisuwa da ɗan taɗi a buɗin taron bidiyo: nazari daga Matameye

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta taƙaita tafiye-tafiye, ma'aikata a garuruwa irin su Matameye, babban garin gundumar Kance cikin jihar Damagaram, suka fara zaman aiki da abokan aikinsu na Damagaram da Yamai ta hanyar bidiyo. A wannan maƙala za mu duba mintocin farko na irin wannan zama, wato daga sallama zuwa lokacin da shugaba zai karanta ajanda. Abin da muke son nunawa shi ne, gaisuwar Hausa an gina ta ne a kan saurin amsa, kuma wannan saurin shi ne abin da na'ura take fara ɓatawa.

2. Ginin gaisuwa

Gaisuwa jerin tagwayen zance ce: kowace tambaya tana da amsarta da aka sani. "Ina kwana?" tana kiran "Lafiya lau", "Ina gajiya?" tana kiran "Ba gajiya", "Ina labari?" tana kiran "Sai alheri". Schegloff da Sacks (1973) sun nuna cewa in an faɗi rabin farko na irin waɗannan tagwaye, rashin rabi na biyu abu ne da kowa yake lura da shi. Tun kafin su, Malinowski (1923) ya bayyana cewa akwai maganar da aikinta ƙulla zumunci ne, ba isar da labari ba. Haka abin yake a wajenmu: mutumin da ya kwana da majinyaci zai ce "Lafiya lau", sai bayan an kammala ya ce, "Sai dai yaron nan ne ba ya jin daɗi."

Don haka muna raba buɗin taro gida uku. Akwai gaisuwa, wadda amsoshinta sanannu ne. Akwai ɗan taɗi, inda labarin gaskiya yake fitowa: ruwan da aka yi jiya, rasuwa, haifuwa, halin hanya. Sannan akwai kalmar juyi, irin su "To, madalla" ko "To, bisimilla", wadda aikinta ɗaya ne da na "bayan gaisuwa" a wasiƙa.

3. Abin da jinkiri yake yi

Stivers da abokan aikinta (2009) sun auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10, suka tarar matsakaicinta wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Ƙungiyar sadarwa ta duniya kuma, a ƙa'idarta G.114, ta nuna cewa jinkirin murya da bai wuce milisakan 150 ba ba ya damun yawancin masu magana, amma bai kamata ya haura 400 ba.

Mu ɗauka wata rana rezo ya yi rauni, jinkiri ya kai rabin sakan tsakanin Matameye da Yamai. Shugabar taro daga Yamai ta ce, "Malam, ina kwana?" Muryarta ta isa bayan rabin sakan, Malam ya amsa nan take, amsarsa ta ɗauki wani rabin sakan kafin ta komo. A kunnen shugabar an yi shiru fiye da sakan guda. Sai ta zaci bai ji ba, ta maimaita, maimaicin ya yi karo da "Lafiya lau" ɗinsa. Dukansu su yi shiru, dukansu su sake farawa tare.

Ido da ido, haɗuwar muryoyi a gaisuwa ba laifi ba ce, don kunne yana iya rarrabe su. Amma manhajojin taro, saboda hana amsa-kuwa, sukan danne murya ɗaya in biyu suka haɗu. Illar ba ta tsaya ga ɓata lokaci ba. Wanda aka gaida bai amsa da wuri ba, a al'adarmu ana iya fassara shi da girman kai ko fushi, alhali laifin na layi ne. Alamar da za a gane jinkiri da ita mai sauƙi ce: in tambaya da amsa suka yi karo sau biyu a jere, to, sai mai tambaya ya riƙa ƙirga biyu a zuci kafin ya ci gaba.

4. Lissafin mutum takwas

Mu ƙaddara zaman mutum 8: uku a biro ɗaya a Matameye, uku a Damagaram, biyu a Yamai. In kowa zai gaisa da kowa, gaisuwa 28 ke nan (8 sau 7, a raba biyu). A zaure ana yin su a lokaci guda, wannan na gaisawa da wancan, cikin minti biyu an gama. A bidiyo kuwa ƙofar magana ɗaya ce, dole a bi layi. In muka ƙiyasta kowace gaisuwa tagwaye biyar ce mai cin sakan 15, jimilla minti 7. In aka ƙara sakan guda na jinkiri ga kowace tambaya da amsarta, ta zama sakan 20, jimilla ta haura minti 9. Ga wanda yake amfani da Zoom na kyauta, mai yanke zama a minti 40, kusan rubu'in lokacin ya tafi ba a taɓa ajanda ba.

Mafita ba soke gaisuwa ba ce. Wanda ya buɗe da "Batu na farko" ya sayi minti biyu da sanyin jikin mutane. Abin da muke ba da shawara shi ne a tattara gaisuwar a hannun shugaba. Ya yi sallama ɗaya ga kowa, sannan ya kira mahalarta ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu, daga babba zuwa ƙarami: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali?" Tagwaye biyu ga mutum 7 ba su wuce minti ɗaya da ƴan sakanni ba. Riba ta biyu ita ce, kowane "Lafiya lau" gwajin makirfo ne: wanda ba a ji amsarsa ba, yanzu za a gyara masa, ba sai an zo kan kasafin kuɗi ba.

Akwai abin lura guda. A al'ada ƙarami ne yake fara gaida babba, mai shigowa kuma shi ke sallama. Wannan tsari ya sa shugaba ya zama mai farawa ko da shi ne babba, kuma ba kowane dattijo ne zai ji daɗin haka ba. Inda abin ya yi nauyi, ana iya ɗora kiran sunaye a kan magatakarda.

5. Taɗi da juyi

Bayan zagayen, shugaba ya buɗe taɗi da tambaya ɗaya, ya nufi wuri ɗaya da ita: "Mutanen Matameye, ya damina?" Tambayar da aka jefa ga kowa, ko dai kowa ya amsa tare, ko a yi tsit. Minti biyu sun isa. Amma in ta'aziyya ta fito, ba a tsallake ta don agogo. A yi addu'a, sannan a juya. Wanda ya makara kuwa, sallamarsa da murya tana jawo amsa daga kowa, ta katse mai magana. Ya fi kyau ya rubuta ta a akwatin saƙo, shugaba ya amsa masa da suna idan an kai ƙarshen batu.

6. Kammalawa

Alƙaluman sashe na 4 ƙiyasi ne, kuma ɗalibanmu suna iya gwada su. Da izinin mahalarta, a naɗi buɗin zama goma, a ƙirga tagwayen gaisuwa, a auna tazarar amsa, a lura da kalmar da aka yi juyi da ita da kuma wanda ya furta ta. A kwatanta da zama goma na ido da ido a biro ɗaya. Tambayar da ta fi jan hankalinmu ita ce: cikin "ina gajiya", "ina gida" da "ina labari", wacce ce take fara faɗuwa in lokaci ya ƙure?