Zaɓen Motar Hannu Tun Kafin A Je Wurin Dillali

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri na hannu ne. Wasu an shigo da su daga Amurka ko Turai, su ne ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, wasu kuma an hau su a gida sun sauya hannu sau biyu ko uku. Mai saye yakan fara da zagaya wuraren dillalai, ya ga wadda aka wanke ta sha mai tana ƙyalli, ransa ya biya, sai daga baya ya tambayi bakanike ko irinta tana da kyau. Tsarin da ya fi aminci shi ne a yanke shawara tun daga gida a kan abu uku, wato samfurin motar, shekararta da injin da ke cikinta. Idan an yi haka, aikin da ya rage a wurin dillali shi ne neman lafiyayya a cikin samfurin da aka riga aka zaɓa.

Sunan mota kaɗai ba ya isa. Camry ta 2008 da Camry ta 2010 kamanninsu kusan ɗaya ne, amma mai silinda huɗu ta 2008 tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, ta 2010 kuwa injinta 2AR-FE ne mai lita 2.5, kuma halinsu ya bambanta. Saboda haka duk tambayar da za a yi, a kasuwa ko a gareji, a haɗa ta da shekara da girman inji.

Binciken yana farawa ne daga kasuwar kayan gyara, domin can ne mota ke komawa duk tsawon rayuwarta. A Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Apo, kuma da yawa daga kayan da ke cikinsu daga Ladipo ta Legas ko kasuwannin Nnewi da Nkpor suke fitowa. Mai niyyar saye zai rubuta kaya kamar shida a takarda: takalmin burki, shokazoba, famfon mai, kwil, fitilar gaba, sai kuma inji da giyabos na hannu. Ya shiga shaguna uku ko huɗu ya tambayi farashin kowanne ga samfuran da yake tunani. Farashi ba shi kaɗai ne abin lura ba. Idan mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko kayan daga kanta, har ya tambaya ko sabo ake so ko na Beljiyam, motar tana da gata a garin. Idan ya ce sai an yi waya Legas, a dawo bayan sati, to haka motar za ta riƙa kwana a gareji duk ranar da ta lalace.

Kayan inji da kayan jiki ba tafiyarsu ɗaya ba. Pontiac Vibe, wadda ta karɓu sosai a Arewa, 'yar'uwar Toyota Matrix ce, kuma yawancin na 2003 zuwa 2008 injinsu 1ZZ-FE ne, irin na Corolla. Kayan injinta a ko'ina ana samu. Amma an daina yin motocin Pontiac tun 2010, don haka fitilarta da bambarta da wasu sassan jiki sai dai na hannu, kuma ba kullum ake dacewa da su ba. Nisa daga babban gari ma yana cikin lissafi. Wanda ke zaune a Gumel ko Illela ya fi na birnin Kano buƙatar motar da bakaniken garinsu ya saba da ita. Abin da ya sa Golf 3 da Peugeot 406 suka daɗe a hanyoyin Arewa ke nan: masu gyaransu sun yi yawa, kayansu kuma sun bazu har ƙananan garuruwa.

Batun shan mai ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Maganar dillali cewa mota "ba ta shan mai" ba ma'auni ba ce. Ma'aunin shi ne kilomita nawa take yi da lita ɗaya. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta 2005 mai giyar otomatik tana yin kusan kilomita 11 da lita a cikin gari, Camry ta 2007 mai silinda huɗu kuma kusan 9. Waɗannan alƙaluman sabuwar mota ne. Motar da ta shekara goma sha biyar ko fiye, tana tafiya cikin cunkoso da esi a kunne a zafin Afrilu, ba za ta kai haka ba, don haka ya kamata a rage wani abu daga kowanne.

A ɗauki ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana tsakanin gida, makarantar yara da ofis, wato kusan kilomita 1,000 a wata. A ƙaddara Corolla tana ba shi kilomita 10 da lita, Camry tana ba shi 8, sannan don sauƙin lissafi a sa lita a naira 1,000. Corolla za ta sha lita 100, naira 100,000 ke nan a wata. Camry za ta sha lita 125, naira 125,000. Bambancin naira 25,000 a wata ba ya tayar da hankali, amma a shekara ya zama 300,000, a shekara huɗu kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Da zai ɗauki mai silinda shida da ke yin kilomita 6 da rabi, sai ya sayi lita sama da 150 a wata. Wannan lissafin ne ke bayyana dalilin da ya sa manyan motoci masu V6 sukan yi araha a kasuwa, Corolla kuma take riƙe farashinta. Hanyar samun alƙaluman gaskiya ita ce a nemi mai irin motar ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya yi tafiyarsa, ya sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga.

Abu na uku shi ne ciwon da aka san kowane samfuri da shi, kuma nan ne ya fi cancantar a daɗe. Babu motar da ba ta da nata. Abin da ake son sani shi ne mene ne ciwon, yaya ake gane shi, kuma nawa ne maganinsa.

Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2AZ-FE an san ta da shan baƙin mai. Matsalar daga fistin da ringinsa take: mai yana wucewa cikin silinda ya ƙone tare da fetur. Toyota da kanta ta amince da matsalar, ta kuma sa ma'auni cewa injin da ya cinye kusan lita ɗaya cikin kilomita 1,900 yana buƙatar gyara. Haɗarinta shi ne sau da yawa ba a ganin hayaƙi sosai, mai yana ta raguwa shiru har ranar da inji zai buga. Ana iya samun alama a bakin salansa idan ya yi baƙin maiƙo, ko a kan fulogi idan an kwance. Gyaran sai an buɗe inji an sauya fistin da ringi. Waɗannan shekarun kuma an san su da dashbod mai narkewa ya yi danƙo a rana, abin da zafin Arewa ke ƙara tsanantawa.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, injinta mai lita 2.4 yana da ƙarfi da juriya. Rauninta yana wuri biyu. Giyabos ɗin otomatik na mai silinda shida, musamman ta 2003 da 2004, yakan mutu da wuri, kuma alamarsa ita ce jinkiri ko fizga wajen sauya giya bayan mota ta yi zafi. Na biyu shi ne ƙafar gaba: idan boljoyin na ƙasa ya ci, yana iya ɓallewa taya ta kwanta a tsakiyar titi, abin da masu bin hanyoyinmu suka sha gani. Ramuka da kayan jabu ne ke gaggauta shi, kuma sauya shi da mai kyau a kan lokaci ba shi da tsada idan aka kwatanta da giyabos. Civic ta 2006 zuwa 2008 kuwa an samu wasu da gangar injinsu ke tsagewa ruwa ya zube, har Honda ta tsawaita garantinsu. Motocin Nissan masu giyar CVT, irin su Altima da Murano na waɗancan shekaru, giyarsu ba ta son zafi ko man da ba nata ba, kuma masu iya gyara ta kaɗan ne.

Corolla ma ba ta tsira ba. A 2010 Toyota ta yi kiranye ga Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 a Amurka saboda kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, tana iya sa mota ta mutu ko ta ƙi tashi. Bambancin shi ne wannan ciwo ne da ake cirewa a sa wani cikin yini ɗaya, kuma kayan suna nan a kasuwa. Injinta sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba, saɓanin Peugeot 406 wadda dole a riƙa sauya bel ɗinta a kan lokaci, domin idan ya tsinke yana lanƙwasa bawul.

Idan aka koma ga ma'aikacin nan, zaɓinsa ya fito fili. Corolla ta fi sauƙin mai da gyara, sai dai kuɗin sayenta ya yi yawa ga girmanta. Accord mai silinda huɗu takan fi araha, da sharaɗin a ware kuɗin gyaran ƙafar gaba tun ranar saye, a kuma guji V6. Idan iyali sun yi yawa har ana buƙatar faɗin Camry, ta 2010 ko 2011 ta fi ta 2008 kwanciyar hankali, ko da za a ƙara kuɗi. Wanda ya nace sai ta 2008, ya tambayi kuɗin aikin fistin da ringi a garinsu, ya cire shi daga abin da zai taya.

Ra'ayin bakanike yana da amfani, amma a san cewa kowa motar da ya iya yake yabo. Mai gyaran Peugeot ba zai kushe 406 ba. Tambayar da ta fi fitar da gaskiya ita ce wane aiki ne ya fi yi a kan wannan samfurin, kuma nawa ake kashewa. A yi ta ga mutum biyu ko uku a gareji daban-daban, a haɗa da direbobin haya da ke tasha, waɗanda motocinsu ke cin kilomita a wata fiye da abin da mai gida ke yi a rabin shekara.

Saura tabbatar da shekara, tunda duk zaɓin a kanta ya dogara, kuma ana sauya fitilu da bamba a mai da tsohuwar mota kamar sabuwa. Lambar VIN, wato lambar shasi, tana da harufa da lambobi 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, alama ta goma ita ce shekara: 5 tana nufin 2005, 8 tana nufin 2008, A tana nufin 2010, B kuma 2011. Sunan injin yana kan takardar da aka manna a cikin bonet. Lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan dole su zama ɗaya, kuma idan suka saɓa, a bar motar a nemi wata.