FASHIN BAƘI: Nawa kake biya a kan kowane giram na furotin a garin gina jiki?

Matashin da ya taso daga Kirikasamma zuwa Haɗeja, ko ya yi aike Kano domin a sayo masa gwangwanin garin gina jiki, yakan duba abu biyu: girman gwangwanin da farashinsa. Sai dai ba gari yake nema ba, furotin ɗin da ke cikin garin yake nema. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun shekarar 2024, kuskure a wannan ciniki na iya cinye albashin wata guda.

Lissafin yana farawa ne daga jadawalin da ke bayan gwangwani, ba daga manyan lambobin da ke gabansa ba. Abu uku za a nema: nauyin garin baki ɗaya, nauyin awo ɗaya, da giram nawa na furotin ke cikin awon. A nan ake yawan ruɗewa, domin awo ɗaya ba lallai ne ya zama ludayi ɗaya ba.

Bari mu ɗauki gwangwani biyu, da farashin da muka sa domin misali kawai. Na farko giram 900 ne a kan naira 54,000. Awonsa ludayi ɗaya ne mai giram 30, da furotin giram 24 a ciki. Idan aka raba 900 da 30, za a samu awo 30. Awo 30 sau giram 24 ya ba da giram 720 na furotin. A raba naira 54,000 da 720, kowane giram ya tashi a kan naira 75.

Na biyu garin ƙara ƙiba ne, kilo 3 a kan naira 90,000, an rubuta giram 50 na furotin ɓaro-ɓaro a gabansa. A ido ya fi araha, tunda kilonsa naira 30,000 ne, na farkon kuwa naira 60,000. Amma jadawalinsa ya nuna awo ɗaya manyan ludayi biyu ne, giram 300. Ke nan ludayi ɗaya giram 25 kacal yake ɗauke da shi, kuma gwangwanin duka awo 10 ne, wato giram 500 na furotin. Kowane giram ya kama naira 180, fiye da ninki biyu na farkon. Akasarin abin da ya rage sitaci ne da sukari, waɗanda shinkafar fadamar Haɗeja za ta bayar a kuɗi kaɗan.

Ludayin kansa abin lura ne, domin yana auna cika ne, ba nauyi ba. Garin da ya danƙare saboda laimar damina, ko wanda aka danna, ya fi sakakke nauyi. Idan ludayinka yana ɗebo giram 36 maimakon 30, gwangwanin da ya kamata ya yi kwana 30 zai ƙare a kwana 25. Farashin giram bai canza ba, amma kuɗin da kake kashewa kullum ya ƙaru. Ɗora ludayi ɗaya a ƙaramin sikeli zai raba gardama.

Duk wannan lissafi ya dogara ne ga gaskiyar abin da aka rubuta. A tara furotin da sitaci da kitse na awo ɗaya. Idan jimillar ta zarce nauyin awon, akwai lauje cikin naɗi. A kuma nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC. Gwajin da aka saba yi yana auna sinadarin naitirojin ne, sannan a ƙiyasta furotin daga gare shi. Wannan kafa ce masu algus suka bi a ƙasar Sin a 2008, suka zuba sinadarin melamin a madara, yara kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya. Garin da aka juye a leda babu jadawali kuwa, ba shi da lissafi sam.

Da wannan ma'auni za a iya gwada abincin gida. Ƙwai ɗaya yana da furotin kimanin giram 6. Idan an saye shi naira 250, giram ya kusa naira 42. Kilo ɗaya na waken soya yana da kimanin giram 360. A kan naira 1,500, giram bai wuce naira 4 da 'yan kwabbai ba, kafin a ƙara kuɗin suya da niƙa, domin ba a cin sa ɗanye. Busasshen kifin kasuwar Haɗeja kuwa, sai an cire kai da ƙaya kafin a auna namansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta buƙatar baligi mai lafiya a kan giram 0.83 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 54 ga mai kilo 65, kodayake mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar fiye da haka. Kafin a biya kuɗin gwangwani, a fara ƙirga nawa ne daga ciki tukunyar gida ta riga ta bayar.