Kafin ki tura kuɗin fitilar zobe, karanta hoton da aka turo miki

Hoton kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Fitila ce zagayayya a kan sanda mai ƙafa uku, waya ko kyamara a tsakiyarta, bango fari fat, a ƙasa kuma an rubuta cewa wannan ne cikakken kayan aikin mai sana'a. Mai sayar da shadda a Kantin Kwari ko mai haɗa humra a gida sai ta gani a WhatsApp, ta fara lissafin cewa da ta mallaki wannan, hotunan kayanta za su koma kamar na manyan shaguna. Wani lokaci hakan yakan faru. Amma sau da yawa fitilar takan ƙare a lungun ɗaki, ana fito da ita ne kawai idan za a yi bidiyon kwalliya. Kuma tun daga hoton tallar ana iya gane wanne daga cikin biyun zai faru.

Abu na farko da za a duba shi ne inda kyamara take zaune idan aka kwatanta da fitilar. Idan tana tsakiyar zoben, hasken yana fitowa ne daga daidai inda idon kyamara yake kallo. Don haka ma aka ƙirƙiri irin wannan fitila. Lester Dine ya fito da ita a Amurka a 1952 domin ɗaukar hoton haƙora, saboda cikin baki rami ne, duk hasken da ya zo daga gefe sai leɓe ya tare shi. Daga baya masu kwalliya suka karɓe ta, domin hasken da ya zo kai tsaye daga gaba yana cike kwarmin ido, yana ɓoye ƙuraje da tamoji. Aikinta kashe inuwa ne. To amma inuwar nan ita ce ke nuna wa mai saye cewa jaka fata ce ta gaske mai gurza-gurza, ita ce ke fito da tudun zare a aikin wuya. Abin da ke gyara fuska shi ne ke shafe kamannin kaya.

Mu ɗauki misali. A ce wata mata a Kano tana sayar da shadda da humra a kwalba, wani lokaci kuma da cincin da dubulan na biki. An turo mata hoto daga wani shagon kayan waya: fitilar zobe a kan teburi, waya maƙale a tsakiya, kyamara baƙa a ajiye a gefe.

Girman fitilar ba sai an faɗa mata ba, wayar da ke cikin hoton ita ce ma'auni. Yawancin wayoyin yanzu tsawonsu santimita 15 zuwa 16 ne. Fitila mai inci 10 faɗinta kusan santimita 25 ne daga baki zuwa baki, don haka wayar za ta kusa cike ramin tsakiya. Mai inci 18 kuwa ta kai kusan santimita 46, wayar za ta zama 'yar ƙarama a cikinta, da fili kowane gefe. Sai ta bi igiyar wuta da ido. Idan siririya ce mai ɗan makunni a tsakiya, ta ƙare da kan USB, ƙaramar fitila ce mai cin kamar wat 10. Idan akwai baƙin akwatin adafta da ke zuwa soket, babba ce, irin wadda kan kai wat 50 ko fiye. A hoton matar nan wayar ta cike ramin, igiyar kuma ta USB ce. Ke nan mai inci 10 ce, kuma ko ba komai fawa-banki zai iya riƙe ta idan an ɗauke wuta.

Masu saye sun fi damuwa da ƙarfin haske, amma ni a ganina shi ne ƙaramar matsala. Gaskiya ne haske na raguwa da sauri: idan aka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa ga kaya. Fitilar da ta wadatar a rabin mita, idan aka ja ta zuwa mita ɗaya da rabi don a ɗauki doguwar riga gaba ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin tara na hasken ne ya rage. Sai dai kaya ba sa motsi. Idan kyamara tana kafe a kan ƙafafunta, ana iya barin ta ta ɗauki hoton cikin rabin daƙiƙa a ISO 100, ya fito tsaf ba yashi-yashi. Waya ce ke wahala a nan, domin da haske ya yi ƙasa sai ta ɗaga ISO da kanta, sannan ta goge yashin har ta goge zaren atamfa tare da shi.

Babbar tambayar ita ce yadda jikin kayan ke mayar da haske. Cincin da dubulan ba sa ƙyalli sosai, ƙanana ne, ana ɗaukarsu a kusa. A nan ƙaramar fitilar za ta yi aiki, musamman idan an fito da su daga leda, don leda na kama haske ta yi farin tabo.

Kwalbar humra kuwa labari ne daban. Abu mai santsi madubi ne, yana nuna siffar fitilar da ta haska shi. Idan fitilar na gaba, za a ga farin zobe a cikin kwalbar, galibi daidai kan takardar sunan sana'ar, ga wani ƙarami a kan murfin mai ruwan gwal. Rage ƙarfin fitilar ba ya kawar da zoben, ya dai dushe tare da sauran hoton. Haka abin yake ga agogo da tabarau da sarƙa da takalmi mai sheƙi. Masu ɗaukar kwalabe suna neman haske mai faɗi, mai siffar taga, daga gefe ko daga baya, domin ya zana dogon layi mai laushi a gefen kwalba, ya kuma ratsa ruwan turaren launinsa ya fito.

Shadda ce ta fi ban takaici. Furenta saƙa shi aka yi da zare mai launi ɗaya da sauran jikin, ido na ganinsa ne kawai saboda wani ɓangaren saƙar yana ƙyalli, wani ba ya yi. Shi ya sa ɗan kasuwa ke karkata turmin a gaban mai saye. Hasken da ya daki shadda kai tsaye daga gaba yakan haska tsakiyarta har ta yi fari, gefe ya yi duhu, furen kuma ya yi rauni, sai mai tsada ta fito kamar mai arha. Ana so hasken ya kwanto daga gefe, ya shafi jikin yadin.

Saboda haka abin da matar za ta nema a hoton shi ne ko fitila da kyamara za su iya rabuwa. Sanda ɗaya ce ke ɗauke da su duka, ko kowace da tata? Wuyan fitilar yana lanƙwasawa? A hotonta sanda ɗaya ce gajera. Idan ta saya a haka, an ɗaure ta ga haske guda ɗaya, wanda bai dace da kashi biyu cikin uku na kayanta ba. Idan ta ƙara da sanda ta biyu don wayar, lissafi ya canza. Za ta ajiye fitilar a gefen hagu, rabin hanya tsakanin gaba da gefe, ɗan sama da kayan. Ta rataya farin yadi marar kauri ɗan nesa da fuskar fitilar, kamar taƙi ɗaya ko biyu, don zoben ya narke ya zama faffaɗan haske. Idan yadin ya manne da fitilar, zoben zai ci gaba da bayyana. A dama kuma ta tsayar da farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. A haka fitilar zobe ta zama fitila kawai, ramin da ke tsakiyarta bai ƙara mata komai ba, kuma da fitila mai kusurwa huɗu ce a farashi ɗaya, da ita zan ce ta saya.

Batun kyamarar da ke gefen hoton gajere ne. Ta fara tambaya ko tana cikin cinikin, don sau da yawa ado ce kawai. Idan tana ciki, ta faɗaɗa hoton ta karanta rubutun bakin gilashinta. Idan an rubuta 18-55mm, irin wanda ke zuwa tare da kyamara ne, kuma ya isa: a murɗa shi zuwa 55, a sa f/8, kwalba za ta fito da siffarta, gaba da baya duk a fayyace. Don ɗan kunne ko zobe ne kawai zai gaza, nan sai mai ɗauke da kalmar Macro. Yawan megafiksel ba abin tayar da hankali ba ne, tunda WhatsApp da Instagram suna matse hoto kafin ya isa ga mai saye. Waya ma za ta yi, in dai an ja baya an danna 2x. Idan aka matso da ita dab da kwalba, faɗin idonta kan kumbura abin da ke kusa, murfi ya fito ƙato, gindi ya tsuke.

Akwai abin da hoton talla ba zai taɓa nunawa ba, wato gaskiyar launi, kuma ga mai sayar da yadi nan ne rigima take. Wadda ta ga ruwan hoda a waya, aka kawo mata mai ɗaukar ruwan lemo, za ta dawo da kaya. Fitilu masu arha sukan rasa wani sashe na jan haske, sai ja da ruwan ƙasa su fito a mace, fari kuma ya ɗan ja kore. A jikin kwali a nemi CRI, ya kasance 90 zuwa sama, 95 ya fi, duk da cewa ba kowane rubutun kwali ne abin dogaro ba. A kuma duba ko fitilar tana kaiwa 5500K ko 5600K, wato launin hasken rana. Ranar aiki a kashe ƙwan ɗaki, domin idan rawayan haske ya gauraya da fari, rabin yadin zai fito da launi ɗaya, rabi da wani, kuma babu gyaran da zai daidaita su duka.

Mafita ita ce ta nemi mai shago ya turo mata wani hoton, wanda aka ɗauka da fitilar, ba hoton fitilar ba. Ya ajiye cokalin ƙarfe da farar takarda da jan ƙyalle a teburi, ya kashe wutar shago, ya ɗauka ba tare da wani gyara ba. Cokalin zai nuna irin tabon da zai fito a kwalbarta. Takardar za ta nuna ko hasken na jan kore ko shuɗi, da kuma yadda gefe ke yin duhu. Ƙyallen zai nuna ko jan yana da rai. Sai ya rage hasken zuwa ƙasa ya ƙara ɗaukar gajeren bidiyo: idan ratsi-ratsi na bin fuskar takardar, fitilar tana ƙifce-ƙifce, kuma ratsin zai bayyana a bidiyon kayanta.

Kafin amsar ta zo, ta kai teburinta bakin taga ko ƙofar da rana ba ta duka kai tsaye, ta sa farin kwalin a ɗaya gefen, ta ɗauki kwalbar da shaddar. Idan hoton ya gamsar da ita, to abin da take bukata sandar riƙe waya ce. Fitilar za ta saya ne idan sai da dare take samun lokacin ɗaukar kaya, ko kuma tana son hotunanta na safe da na yamma su riƙa fitowa da launi ɗaya.