Yadda Ƙwayar Tazarar Haihuwa Ke Hana Ƙwai Fita

Kowane wata wata 'yar tsoka da ke gindin ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa ma'ajiyar ƙwan mace, ɗaya na cewa ƙwai ya nuna, ɗaya na cewa a sake shi. Ƙwayar da ke haɗe da sinadarai biyu, istirojin da furojestin, wannan saƙo take tarewa. Idan ƙwaƙwalwa ta ji su a jini kullum, sai ta ɗauka an riga an yi aikin, ta yi shiru. Ƙwai ba ya nuna, balle ya fito.

Furojestin kuma yana hana shimfiɗar cikin mahaifa yin kauri, shi ya sa jinin wata ke raguwa, ciwon mara ya lafa. Mata da yawa na fargabar jinin yana taruwa a ciki. Ba ya taruwa, shimfiɗar ce ba ta yi kauri ba tun farko.

A fakiti mai ƙwaya 21, hutun kwana 7 ne ke sauko da jini. Wadda ta gama hutu ran Lahadi, ba ta buɗe sabon fakiti ba sai Laraba, ta ba ƙwaƙwalwa damar farkawa, ƙwai na iya fita. Sai ta haɗa da kwaroron roba har kwana 7.