An Biya Faranti 300, An Kawo 180: Yadda Ake Rubuta Wa Mai Abincin Biki

A gidan biki ba abin da ke kunyata mai gayya kamar abinci ya ƙare alhali rabin baƙi ba su ci ba. Idan an watse, sai a koma kan wadda aka bai wa kwangilar girki, a yi ta cacar baki a waya, kuɗi kuma ba su dawo ba. Takarda mai lissafi a ciki ta fi wannan hayaniya amfani.

A ce wani magidanci a Kano ya biya kuɗin faranti 300 na shinkafa da kaza don walimar 'yarsa, kowanne naira 3,500, jimilla naira 1,050,000. Ranar biki sai aka sauke 180. Giɓin faranti 120 ne, wato naira 420,000, kuma iyakar abin da zai nema ke nan. Idan ya ce a mayar masa da kuɗinsa gaba ɗaya, ya raunana hujjarsa, domin an ci abin da aka kawo.

Wasiƙar takan fara da sallama da girmamawa: "Hajiya, bayan gaisuwa, ina tunatar da ke yarjejeniyarmu." Daga nan sai ranar da aka yi ciniki, da adadin da aka amince, da abin da aka sauke, da lissafin giɓin. Sai ya sa wa'adi, misali mako biyu, da lambar asusun da za a tura kuɗin. Idan ta riga ta kashe su a cefane, yana iya ba ta damar biya kashi biyu. Zagi ko barazanar tona asiri ba su da gurbi a ciki.

Amsar da masu girki suka fi bayarwa ita ce 'yan gayyar soɗi ne suka cinye. Shi ya sa ƙidayar da ke da nauyi ita ce wadda aka yi lokacin sauke kaya, kafin a fara rabo. Abincin da ya zo a robobi yana ƙirguwa. Wanda ya zo a manyan kuloli kuwa yana da wuyar tantancewa, sai an haɗa da hoto da shaidar wanda ya karɓa. Rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin WhatsApp duk ana liƙa kwafinsu.

Doka ma tana tare da shi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce wanda ya gaza cika aikin da aka biya shi ya gyara, ko ya mayar da wani kaso na kuɗin gwargwadon gazawar. Idan wa'adi ya wuce shiru, magidancin na iya kai ƙorafi hukumar ko kotun ƙananan basussuka, inda kwafin wasiƙar zai nuna cewa ya nemi sulhu tun farko.