Abin Da Ke Sa Kyamarar Wasa Karkarwa

A wasan bidiyo, sau da yawa sai ɗan wasa ya zura da gudu hoton ya kama karkarwa, ya tsaya kuma komai ya lafa. Akan zargi na'urar da rauni, alhali sau tari matsalar tana ga wa ya riga wa motsawa.

Ɗauki Unity, manhajar da ake gina wasanni da ita. Kafin ta zana kowane hoto takan kira `Update`, sannan `LateUpdate`. Idan motsin ɗan wasa da na kyamara duk suna cikin `Update`, kyamarar na iya rigan ɗan wasan, ta nufi inda yake a hoton baya. A gudun mita 30 cikin daƙiƙa, da hoto 60 a daƙiƙa, giɓin ya kai rabin mita. Da giɓin tsayayye ne da ido bai lura ba. To amma tsawon lokacin hotuna yana bambanta, sai giɓin ya riƙa ƙaruwa yana raguwa. Mayar da kyamara cikin `LateUpdate` yana magance wannan.

Wanda ya fi wahalar ganowa, a ganina, shi ne ɗan wasa mai `Rigidbody`. Shi `FixedUpdate` ke motsa shi, sau 50 a daƙiƙa idan ba a sauya ba. A cikin hotuna 60, goma ke nan za su same shi bai gusa ba. Alamarsa, bango na tafiya sumul, ɗan wasan kaɗai ke rawa. Nan sai a kunna `Interpolate` a jikin `Rigidbody` ɗin.